Tambayoyi da amsoshi kan gyara tallan kaya, yadda za ki ja mai saye ba tare da zuzutawa ba

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan uwa masu sayar da kaya ta waya suke yawan maimaitawa a nan Kaduna, musamman masu saro kaya a Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci su ɗora a sitatus. Mafi yawan misalin da zanin gado zan yi shi, don shi na fi sani kuma shi ne kayan da ake yawan rigima a kansa bayan an kai wa mai shi. Amma dabarar ɗaya ce ko me kike sayarwa.

Anti, wai meye laifin in rubuta orijinal, kwaliti, mai kyau, namba ɗaya? Ai kowa haka yake rubutawa.

To ai amsar tana cikin tambayarki, kowa haka yake rubutawa. Mai kaya mai kyau ta rubuta kwaliti, mai kayan da wanki ɗaya zai kashe ita ma ta rubuta kwaliti, to wadda take zaune a Barnawa tana duba sitatus ɗin mutum goma ta yaya za ta bambance ki da sauran? Idonta ya riga ya saba, tsallake kalmomin nan take yi ba tare da ta ma san ta tsallake ba. Ba wai ƙarya kika yi ba, ƙila zaninki da gaske mai kyau ne, matsalar ita ce ba ki faɗa mata komai ba.

Ga gwajin da nake ba mutane. Ki ɗauki kowace kalma a rubutunki ki tambayi kanki, in kaya ya isa hannun kwastoma, za ta iya dubawa ta ce e haka ne ko a'a ba haka ba ne? In kin rubuta filo huɗu, za ta ƙirga. In kin rubuta faɗinsa inci 88, za ta sa tef. In kin rubuta haɗaɗɗe na manyan mata, me za ta duba? Duk kalmar da ba a iya kama ki da ita in ƙarya ce, ba za a yarda da ke saboda ita ba in gaskiya ce. Wannan kalmar ita za ki fara cirewa.

To in na cire su duka ai babu abin da ya rage a rubutun. Me zan saka?

Kar ki zauna kina ƙirƙirar kalmomi, ki koma inbos ɗinki. Ki duba tambayoyin da mutane suka yi miki a kan wannan kayan kafin su saya, da ƙorafin da suka yi bayan sun saya. A zanin gado kusan kullum abu biyar ne ko shida: zai rufe min shida da shida? Filo nawa? Yana zuba? Yana zafi? Nawa ne? Kina kawowa Kawo ko Rigasa, kuma nawa ne kuɗin kawowa? To waɗannan su ne rubutunki, amsa su kawai za ki yi kafin a tambaya.

Amma fa amsar ba a ka take ba, a jikin kayan take. Ki fitar da zani ɗaya daga leda ki sadaukar da shi. Ki shimfiɗa ki auna da tef irin na tela, tsawo da faɗi, kar ki dogara da abin da aka buga a jikin ledar. Ki wanke shi irin wankin da ake yi a gida, da omo da ruwan famfo, ki ga ruwan farko da na biyu, ki shanya ya bushe ki sake aunawa. Ki kwana a kansa. Aikin yini biyu ne, kuma zani ɗaya ya tafi, na sani, amma abin da kika gano zai yi miki aiki har kayan su ƙare, kuma da wuya a samu wata a layinku da ta yi haka.

Don Allah a nuna mana misali daga farko zuwa ƙarshe, bayani kaɗai ba ya shiga.

To ga irin tallan da kowa ya sani:

"Sabbin kaya sun sauka!!! Orijinal zanin gado ɗan waje, kwaliti namba ɗaya, laushi kamar me, ba ya zuba ba ya koɗewa har abada, yana shiga kowane gado. Amare da uwargida ku garzayo kar a ba ku labari. Farashi a inbos."

Mu bi shi ɗaya bayan ɗaya. Sabbin kaya sun sauka ba laifi, labari ne, sai dai ba shi ya kamata ya cinye layin farko ba. Ɗan waje, wace wajen? In kin san ƙasar ki faɗa, in ba ki sani ba ki bar maganar. Ba ya koɗewa har abada ƙarya ce tsagwaronta, babu rinin da ranar watan Maris a Kaduna ba za ta ci ba in ana shanya shi a tsakar gida yini guda. Sai babbar, yana shiga kowane gado, wannan ita ce take jawo dawo da kaya.

Mu ce kin auna, a sabonsa kin samu inci 90 da 100, bayan wanki ya koma 88 da 98, don yadin da ke da auduga yakan ɗan shige a wankin farko. Lambar bayan wanki za ki yi aiki da ita tunda da ita mai saye za ta zauna. Katifa shida da shida ƙafa shida ce kowane gefe, wato inci 72. A cire 72 daga 88 saura 16, a raba biyu, inci 8 ke saukowa ta kowane gefe. To in kaurin katifarta inci 6 ne ya rufe har da ɗan ragowa, in 8 ne ya rufe daidai amma babu abin cusawa ƙasa, in kuwa irin katifar amaren nan ce mai inci 10 ko 12, gefen katifa zai fito fili, kuma ranar da aka zo ganin ɗaki sunanki za a kira. A katifa huɗu da rabi kuma, faɗinta inci 54 ne, saura 34, inci 17 kowane gefe, wannan har a cusa a ɗame.

Yanzu kin san ainihin wanda kayan ya dace da shi. Sai rubutun ya koma haka, farashin misali ne kawai na saka:

"Zanin gado ɗaya da rigar filo huɗu, N18,000. Girmansa bayan wanki inci 88 da 98. Yana rufe katifa shida da shida mai kauri har inci 8, a huɗu da rabi kuma har ki cusa ƙasa ya ɗame. In katifarki ta kai inci 10 wannan ba zai rufe miki gefe ba, ki yi min magana akwai babba. Haɗin auduga da roba ne, ba ya yamutsewa sosai, in kin ninke shi da ya bushe ba sai kin yi guga ba. Na wanke mai ruwan toka da mai ruwan kasa ba su zuba ba, jan yana sakin launi a wankin farko, ki wanke shi shi kaɗai. Ana kawowa cikin garin Kaduna, kuɗin mai mashin daban gwargwadon unguwa. Zariya da Abuja ta mota."

Ki lura babu orijinal, babu kwaliti, babu alamar motsin rai ko ɗaya. Amma wadda take da katifa inci 8 ta riga ta ga zanin a kan gadonta, wadda take da inci 12 kuma ba ta tafi ba, an ce mata akwai babba. Sannan maganar guga, ita ce wurin da rubutun ya taɓa rayuwarta, don kowa ya san yadda guga take in babu wuta.

Dilan da nake saro kaya a wurinsa ya ce min kwatin ne ɗari bisa ɗari. Ba sai in rubuta haka ba?

Shi ya faɗa, amma ke za ki rubuta, kuma kwastoma ba ta san shi ba, ke ta sani. Shi ma sau da yawa abin da aka faɗa mishi yake maimaitawa. Akwai gwaji mai sauƙi da masu yadi suka daɗe suna yi. Ki zaro 'yan zarurruka daga bakin ɗinki ta ciki, ki riƙe da wani ƙarfe a kan faranti, nesa da yara da labule, ki kusanta ashana. Auduga zalla tana ci kamar takarda, ƙaurinta ma irin na takarda ne, tokar kuma laushi gare ta, kina murzawa ta watse. Foliyesta, wato abin da muke ce wa roba, tana nannaɗewa ta narke, warin leda take yi, ta bar wani ɗan dunƙule baƙi mai tauri da ba ya murzuwa. In kin ga toka kuma ga ɗan tauri a ciki, haɗi ne.

Gwajin nan ba zai faɗa miki kashi nawa cikin ɗari ba, saboda haka kar ki ƙirƙiri lamba, haɗin auduga da roba ya isa. Kuma zanin nan mai santsi da ake kira maikrofaiba, yawancinsa foliyesta ne da aka yi da siririn zare, laushinsa ba shaidar auduga ba ne. Shi ma yana da masu so, yana saurin bushewa da damina, ba ya shigewa, kuma ya fi araha. Sai dai a watan Afrilu mai yawan zufa zai ji shi. Ki sayar da shi da sunansa, kar ki ara masa na wani.

Gwajin zuba kuma, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a jikin yadin da ɗan ƙarfi, in launi ya hau kin samu amsa tun kafin wanki.

Amma Hajiya in na faɗi aibin kayana ai korar kwastoma na yi da hannuna.

Wasu za su tafi, gaskiya ne, ba zan ce miki babu wanda zai fasa ba. Amma ki duba su waye suke tafiya. Mai katifa inci 12 da za ta saya, ta shimfiɗa, ta ga bai rufe ba, ta dawo miki da shi a yamutse babu leda, ki biya mai mashin zuwa da dawowa, ko kuma ta yi shiru ta riƙe amma ta faɗa wa duk 'yan gidansu da 'yan islamiyyarsu. Ta biyun nan ta fi muni don ba za ki taɓa sanin cinikin da kika rasa ba.

Kuma akwai wani amfani da mutane ba sa lura. Da kika ce jan yana zuba, maganarki ta cewa mai ruwan toka ba ya zuba ta samu nauyi. In kin ce duka ba sa zuba, duk wadda ta taɓa wanke jan zani ta san da sake, sai ta zubar da sauran maganganunki gaba ɗaya har da na gaskiyar.

Sai dai akwai yadda ake faɗa. Ba za ki buɗe talla da aibi ba, kuma ba za ki jero aibi biyar kamar mai neman a fasa ba. Wanda zai iya sa mutum ya yi nadamar saye shi ake faɗa, a tsakiyar rubutu, tare da mafita a jikinsa: yana zuba a wankin farko, ki wanke shi shi kaɗai. Ba zai rufe inci 10 ba, akwai babba. Mu da muke Musulmi ma ai ba sabon abu ba ne, hadisin da ke cikin Sahihu Muslim sananne ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa ya sa hannu ya ji danshi a ciki, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa, ya ce masa me ya sa bai sa shi a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Jiƙaƙƙen ma ba a hana sayar da shi ba, cewa aka yi a sa shi inda za a gani.

Na gwada irin naki sai rubutun ya bushe kamar rasit. Ina jan hankalin yake?

Wannan tana faruwa in kin jero lambobi kin tsaya. Lamba ita kaɗai ba ta sayar da kaya, sai kin ƙarasa ta da abin da take nufi ga mai saye. Inci 88 da 98 rasit ne. Yana rufe shida da shida har gefen katifa, yaro ya yi birgima bai tattare ba, wannan talla ce, in dai kin gwada kin ga haka ne. Bayan kowace lamba ki tambayi kanki, to sai me? Amsar ita za ki rubuta a gefenta.

Na biyu, ki san da wa kike magana. Amare da uwargida da ɗalibai da masu otal duk a talla ɗaya, babu wanda zai ji da shi ake. Uwar amarya mai haɗa kayan ɗaki tana son ta ji ko akwai kala uku masu shiga da labule ɗaya da kuma ragin da za a yi mata in ta ɗauki shida. Ɗalibar Kadpoli mai ƙaramar katifa a hostel tana son ta ji zai bushe kafin yamma kuma ba ya nuna datti. Kaya ɗaya ne, rubutu biyu za ki yi, ki ɗora wannan yau wancan jibi.

Kuma ban ce an haramta sifa ba. Ki ce mai kauri, ki ce mai santsi, ki ce ja mai duhu, waɗannan duk ana gani ana taɓawa. Ko laushi ma kina iya faɗa in kin jingina shi da wani abu da ta sani, misali ya fi atamfar da aka wanke sau biyu laushi amma bai kai yadin rigar jarirai ba. Muryarki ma ki bar ta a ciki, yadda kike magana da mutane a shago da fara'a haka za ki rubuta, ba sai kin koma kamar takardar ofis ba.

Rubuta wallahi da saura biyu kacal a talla fa? Suna sa mutane su yi sauri.

In saura biyu ne da gaske ki rubuta saura biyu, bayani ne mai amfani. In kuwa akwai dila guda a ƙarƙashin gado, masu kallon sitatus ɗinki mutane ɗaya ne kullum, za su ga saura biyun nan ya yi sati uku bai ƙare ba, ranar da ya zama saura biyu na gaske babu mai motsi. Haka ragi na yau kaɗai da ake yi kowace Juma'a.

Rantsuwa kuma ni dai ina ba da shawarar a cire ta gaba ɗaya daga talla. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa rantsuwa tana tafiyar da haja amma tana shafe albarka. Ko ta fuskar ciniki zalla, wadda ta rubuta na wanke shi sau biyu ga hoton ruwan ba ta bukatar wallahi.

Farashi a inbos laifi ne? Ina gudun masu kwafar farashina.

Mai son kwafa za ta sa ƙanwarta ta tambaye ki ta inbos, minti biyu ta samu. Wadda kika rasa ita ce mai kunyar tambaya don kar ta ji kuɗin ya fi ƙarfinta ta rasa yadda za ta janye, da wadda take zargin kowa da farashin da ake yanka masa gwargwadon hoton da ke kan lambarsa. In kuɗin kaya yana yawan canzawa ki rubuta farashin wannan satin, shikenan. Kuɗin kawowa ma a faɗe shi tun farko ko da kimantawa ne, daga Tudun Wada zuwa Unguwar Rimi ba ɗaya ba ne da zuwa Sabon Tasha ko Maraban Rido, kuma ciniki da yawa a nan yake mutuwa bayan an gama daidaitawa.

Hajiya ni namiji ne, kayan waya nake sayarwa, fawa banki da caja. Wannan ya shafe ni?

Malam ai naku ya fi sauƙin kamawa, don lambar tana jikin kwali. Ɗauki fawa banki da aka rubuta 10,000mAh. Abin da aka saba gani a talla shi ne yana cajin waya sau biyar, yana kwana uku bai mutu ba. To wannan lambar ta batirin da ke cikinsa ce, a kan bolt 3.7, kafin wutar ta isa batirin waya sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 a sake sauke ta, wani kaso yana tafiya a zafi. Abin da ke isa wayar yakan tsaya wajen kashi biyu cikin uku, wato dubu shida da wani abu. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane yanzu batirinsu 5,000mAh ne, kenan cikawa ɗaya da ɗan ƙari. Kamfanonin kirki ma suna rubuta wannan ƙaramar lambar a bayan kwali da ƙananan baƙaƙe, ka juya ka duba.

Saboda haka ka cika shi, ka bar wayarka ta sauka ƙasa, ka jona ka ga inda ya kai ta da awa nawa ya ɗauka, sannan ka rubuta: ya cika min waya mai batir 5,000 daga kashi 5 zuwa 100, ya rage ɗigo ɗaya a cikin huɗu, shi kansa yana ɗaukar awa kaza kafin ya cika. Ka faɗi irin bakin da yake da shi da ko akwai igiya a kwalin. Wanda ya karanta wannan ya ga yana bukatar cikawa biyu, da kansa zai tambaye ka mai 20,000, ka ga ka sayar da babba ba tare da ka roƙe shi ba.

Mu masu zuma da yaji da kayan gyaran jiki fa? In ba ka ce yana magani ba ba a saye.

Nan kam maganar ta wuce salon rubutu. Abinci da magani da kayan shafa suna ƙarƙashin NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, kuma tallan irin kayan ma yana bukatar amincewarta. Sannan dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, ta hana bayanin ƙarya ko mai ruɗar mai saye a kan kowane irin kaya. Rubuta cewa zumarki tana warkar da ciwon suga ko olsa ko hawan jini ba zuzutawa ba ce kawai, wani zai iya ajiye maganin asibiti saboda sitatus ɗinki. Kar ki rubuta. Kar kuma ki sa lambar NAFDAC da ba ta kayanki ba ce.

Abin faɗa na gaskiya yana da yawa ai. Daga ina aka kawo zumar, an tace ko da sauran saƙa, robar mil nawa ce, 500 ko lita guda, launinta da kaurinta, da cewa tana iya daskarewa lokacin sanyi kuma wannan ba lalacewa ba ne ba kuma shaidar an zuba sukari ba, in an sa robar a ruwan ɗumi za ta sake. Ki ƙara da cewa ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma, likitoci sun hana. A yaji ki lissafo abin da ke ciki, in cittar Kachia ce ki faɗa don an san ta, ki faɗi akwai ƙuli ko gyaɗa saboda masu rashin jituwa da ita, akwai magi ko babu, zafinsa yaro zai iya ci ko sai manya, da ranar da aka daka.

Rubutu mai tsawo haka zai shiga sitatus kuwa? Mutane ba sa karatu.

Raba shi biyu. A jikin hoton layi uku: meye, nawa, da abu ɗaya mafi muhimmanci, a zanin nan shi ne girman katifar da yake rufewa. Cikakken kuma ki ajiye shi a katalog na WhatsApp Business ko ƙarƙashin hoton a Instagram, ki tura wa duk wadda ta yi magana. Wadda take shirin fitar da dubu goma sha takwas tana karantawa, mai wucewa ce ba ta karatu.

Hoton ma ya yi magana ɗaya da rubutun. In kin rubuta ruwan kasa amma fitilar ɗaki ta mai da shi ruwan goro, ko kin ɗauko hoton kamfani da aka shimfiɗa a wani ƙaton gado da bargo da filo takwas alhali zani ɗaya da rigar filo huɗu za ki kai, to duk gaskiyar da kika rubuta hoton ya rushe ta. Ki ɗauka da hasken rana a inuwa, a kan katifar da kika faɗi girmanta, gefen ya fito a hoton.

Ta yaya zan gane gyaran ya yi aiki, ba wai daɗin karantawa kawai ya yi min ba?

Kar ki auna da yawan masu kallo ko masu turo miki wuta da zuciya, ki auna da irin saƙon da ke shigowa. Kafin gyara saƙonnin su ne nawa ne, zai shiga gadona, yana zuba. In rubutun ya yi aiki waɗannan za su ragu, ki fara ganin turo akawun, ko a kawo min mai ruwan toka biyu Malali. Ƙila ma yawan saƙon ya ragu, kar hankalinki ya tashi, ki ƙirga nawa ne cikin masu magana suka biya, da nawa aka dawo da shi ko aka yi ƙorafi.

Ki samu ɗan littafi, sati biyu da tsohon rubutu sati biyu da sabo, kaya ɗaya hoto ɗaya farashi ɗaya, rubutun kaɗai za ki canza, in ba haka ba ba za ki san wanne ya yi tasiri ba. Ki kuma kula da lokaci, kar ki kwatanta satin da aka yi albashi ko gab da sallah da tsakiyar wata, don a satin albashi da gab da sallah ko me kika rubuta za a saya. In har wata tambaya ta ci gaba da dawowa bayan gyara, misali mutum uku sun tambayi ko rigar filon tana da zif, to amsarta ba ta cikin rubutun ko tana can ƙasa inda ba a kaiwa, ki dawo da ita layi na biyu. Kuma duk lokacin da aka kawo miki sabon dila ki sake aunawa ki sake wanke ɗaya, ko da leda iri ɗaya ce da zane iri ɗaya, don yakan zo da bambancin inci biyu ko uku, sai ki gyara lambar da ke rubutun kafin ki ɗora.